Rajistar aikin auna farashin taki da iri a ƙungiyarmu ta manoman shinkafa, Argungu, ranin 2024 zuwa 2025

9 ga Nuwamba, 2024

A zaman da muka yi yau bayan sallar la'asar, 'yan ƙungiya sun ɗora mini nauyin tattara farashin taki da iri kafin mu haɗa kuɗin sayayyar noman rani. Mu goma sha huɗu ne, gonakinmu kuma in an haɗa su sun kai hekta ashirin a fadama. Na nemi a ba ni izini in sauya yadda muke kwatanta farashi, domin shekara da shekaru tambayar da muke yi wa dillali ɗaya ce, wato nawa buhu, alhali shinkafa ba ta cin buhu, abin da ke cikinsa take ci. Shugabanmu ya amince, da sharaɗin in rubuta kowane lissafi a inda kowa zai iya dubawa. Wannan rajista ita ce cika wannan sharaɗi.

16 ga Nuwamba

Na zaga shaguna biyar a nan Argungu da uku a Birnin Kebbi. Farashin da ya fi yawa a bakin masu shago, na buhu mai kilo 50, shi ne: yuriya naira 36,800, kamfa mai lamba 15-15-15 naira 49,500, sai mai lamba 20-10-10 naira 46,000. Da na karanta wa mutanenmu, kusan kowa ya karkata ga mai 20-10-10, saboda ya fi sauƙi da naira 3,500 a kowane buhu, kuma lambarsa ta farko ta fi girma.

Lambobin nan uku da ke jikin buhu kaso ne cikin ɗari na nauyin takin. Ta farko naitirojin ce, mai kore ganye da yawan 'ya'ya. Ta biyu fosfet ce, mai kafa saiwa. Ta uku fotash ce, mai ƙarfafa kara da cika ƙwaya. Tunda buhu kilo 50 ne, rabin kowace lamba shi ne adadin kilon da ke ciki. Saboda haka buhun yuriya, wanda aka rubuta wa 46, yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin ba tare da komai na sauran biyun ba. Kamfa mai 15-15-15 yana da kilo bakwai da rabi na kowane ɗaya, mai 20-10-10 kuwa yana da kilo goma na naitirojin da kilo biyar-biyar na fosfet da fotash.

Na fara da yuriya domin ita ce mafi sauƙin lissafi: naira 36,800 a raba gida 23, kowane kilon naitirojin ya tashi naira 1,600. Wannan adadi shi ne ma'aunin da na riƙe, domin babu dalilin da zai sa mu biya fiye da haka a kan naitirojin a cikin wani buhu, tunda muna iya samunsa a wannan farashi. Abin da ke sa mu sayen kamfa shi ne fosfet da fotash, don haka tambayar da ta dace ita ce nawa muke biya a kansu bayan an cire kuɗin naitirojin. A mai 15-15-15, naitirojin ɗin da ke ciki ya kai darajar naira 12,000, saura naira 37,500 ke nan a kan kilo 15 na fosfet da fotash, kowane kilo naira 2,500. A mai 20-10-10, naitirojin ɗin ya kai naira 16,000, saura naira 30,000 a kan kilo goma kacal, kowane kilo naira 3,000. Buhun da muke gani da araha shi ne yake sayar mana da abin da muka je nema da tsadar naira 500 a kowane kilo.

Wannan sakamako na farashin wannan mako ne kawai, kuma bai zama hukunci a kan ingancin kowane taki ba. Da mai 20-10-10 zai sauko zuwa naira 41,000, da sun yi kunnen doki, ƙasa da haka kuma shi ne zai fi riba.

23 ga Nuwamba

Wani dattijo daga cikinmu, wanda ya fi ni daɗewa a fadama da shekara talatin, ya ce mini: "Malam, wanga lissafi naka na kilo ya yi kyau a takarda, amma ka gaya mini abin da zan kashe a gona guda." Na ga tambayarsa ta fi lissafina amfani, sai na mayar da komai kan hekta ɗaya.

Abin da muka tsayar tare da malamin gona shi ne kusan kilo ɗari na naitirojin da kilo talatin-talatin na fosfet da fotash a kowace hekta. Hanya ta farko ita ce buhu huɗu na 15-15-15, naira 198,000, waɗanda za su ba da talatin na kowane ɗaya, sai buhu uku na yuriya, naira 110,400, su kai naitirojin kilo 99. Jimla naira 308,400. Hanya ta biyu tana buƙatar buhu shida na 20-10-10 kafin fosfet da fotash su kai talatin, wato naira 276,000, sannan a cike gurbin kilo 39 na naitirojin da yuriyar naira 62,400. Jimla naira 338,400. Bambancin naira 30,000 ne a hekta, a hekta ashirin ɗinmu kuma naira 600,000.

Akwai wani abu da kuɗin bai nuna ba, wanda ni a ganina ya fi nauyi. A hanya ta biyu, kilo sittin na naitirojin zai shiga ƙasa tun lokacin dashe, sa'ad da saiwar shinkafa ba ta kama ba balle ta sha, kuma mai yawa daga ciki zai salwanta. A hanya ta farko kashi biyu cikin uku na naitirojin yana hannunmu a matsayin yuriya, mu zuba shi a lokacin da shuka take buƙata. An amince da hanya ta farko ba tare da jayayya ba.

4 ga Disamba

Yau sikeli ya tsare mana kuɗi. Wani mai kawo kaya ya yi mana tayin yuriya a naira 34,000, kuma na yi niyyar karɓa, har na lissafa cewa kilon naitirojin zai sauko ƙasa da naira 1,500. Abin da ya tsayar da ni shi ne ɗinkin bakin buhunan, wanda zarensa ya bambanta da na gindi. Na aro sikelin rataye, muka auna buhu shida da na zaɓa da kaina daga tsakiyar lodi, aka sami nauyinsu tsakanin kilo 43 da 45. In aka ɗauki 44, naitirojin ɗin da ke ciki kilo ashirin ne da ɗan ɗoriya, kowane kilo ya tashi kusan naira 1,680, wato ya fi na shagon da ke sayar da cikakken buhu a 36,800 tsada. Mun mayar masa da kayansa cikin mutunci. Najeriya tana da dokar kula da ingancin taki tun 2019, wadda ta hana tauye nauyi da gurɓata kaya, amma a bakin shago sikelin mai saye ne kaɗai yake ganin abin da ya faru da buhu a hanya.

Na kuma gwada yuriyar da muka saya a ƙarshe ta hanyar zuba cokali biyu a kofin ruwa. Yuriya ta gaskiya tana narkewa gaba ɗaya, ruwan ya yi sanyi a hannu, ba ta barin yashi ko gari a gindi. Dole in rubuta iyakar wannan gwaji: yana kama yashi da tsakuwa, amma ba ya faɗin yawan naitirojin, tunda gishiri ma narkewa yake yi. Kuma ba a yi wa kamfa wannan hukunci, domin kamfan da ake haɗawa a nan gida yana da ƙwayoyin ciko waɗanda ba sa narkewa da wuri, kuma wannan ba algus ba ne. Abin lura a irin wannan kamfa mai ƙwayoyi launi-launi shi ne girgizar mota tana tura ƙananan ƙwayoyi ƙasa, don haka sai an juye buhu a kan tabarma an cuɗa kafin a watsa, in ba haka ba wani gefen gona ya sami fotash, wani ya sami naitirojin.

19 ga Disamba

Na koma kan iri, kuma a nan lissafin bai ba ni abin da na zata ba. Irin Faro 44 mai takardar shaidar hukumar kula da iri ta ƙasa ana sayar da kilonsa naira 1,500. Shansherar da ake sayarwa a kasuwa da sunan iri, wadda mai ita ya tabbatar mana Faro 44 ce, ta tashi naira 700 a kilo bayan mun auna kwano a sikeli.

Na ƙirga ƙwaya ɗari daga kowanne, sau biyu, na naɗe su a jiƙaƙƙen buhun algarara a cikin ɗaki saboda sanyin hunturu, ina yayyafa ruwa safe da yamma. Bayan kwana bakwai mai shaida ya fito 92 cikin ɗari, na kasuwa 65. In aka raba farashi da yawan tsiro, kilon da zai tsira na mai shaida ya tashi naira 1,630, na kasuwa kuwa naira 1,077. Har bayan wannan gyara, na kasuwa ne mai araha, kuma haka na gaya wa 'yan ƙungiya ba tare da na rage komai ba.

Da muka mayar da shi kan hekta, sai girman maganar ya ragu. Mu masu dashe ne, kilo talatin na iri mai kyau ya ishi renon hekta ɗaya, naira 45,000. Na kasuwa sai an zuba kusan kilo 42 da rabi kafin a sami yawan tsiro iri ɗaya, naira 29,700 ko kusa da haka. Duk abin da ake jayayya a kai naira 15,300 ne, kuma a farashin shanshera na yau, naira 600 a kilo, wannan kilo 26 ne kawai, kusan sulusin buhu. Tambayar da ta rage ita ce ko iri mai shaida zai ƙara sulusin buhu a hekta, kuma jiƙaƙƙen buhu ba zai amsa wannan ba, sai gona. Mutum tara sun zaɓi mai shaida, biyar sun tsaya kan na kasuwa ko wanda suka ajiye.

3 ga Fabrairu, 2025

Mun zuba reno ranar 10 ga Janairu, yau kuma muka gama dashe a wurin gwaji. Na ware fangali huɗu a gonata, kowanne taku na mita 20 da 25, wato kashi ɗaya cikin ashirin na hekta, na ɗaga kunya tsakaninsu sosai don kada ruwan wani ya kwashe takin wani. Duk huɗun sun sami kamfa kilo goma-goma. Uku na farko iri mai shaida ne, kuma za su sami yuriya kilo biyar, bakwai da rabi, da goma, daidai da buhu biyu, uku da huɗu a hekta. Na huɗu irin kasuwa ne da yuriya kilo bakwai da rabi, domin a kwatanta shi da na biyu.

21 ga Fabrairu

An zuba rabin yuriya a dukkan fangalan, da yamma, bayan an cire ciyawa an rage ruwa ya zama ƙasa tana da laima sosai amma ba ta nutse ba. Za a mayar da ruwa jibi.

17 ga Maris

Muna cikin azumi, kuma yau da sassafe aka zuba kashi na biyu na yuriya, domin shinkafar ta fara shirin ɗaukar ciki. Abin da ya sa nake tsawaita rubutun yau shi ne abin da na gani a gonar wani ƙanena a ƙungiya. Takinmu ɗaya da shi, buhu uku na yuriya a hekta, daga lodi ɗaya, a farashi ɗaya. Shi ya zuba nasa gaba ɗaya a tashi ɗaya makonni uku da suka wuce don ya huta da biyan 'yan ƙwadago sau biyu, kuma ya watsa shi da tsakar rana a cikin ruwa mai zurfi, injin yana aiki, ruwan yana tsallake kunya zuwa magudana. Gonar ta yi kore shar na kwana goma sha, yanzu kuma tsofaffin ganyen ƙasa sun fara rawaya daga baki, a daidai lokacin da shuka take ƙayyade yawan ƙwayar da zangarniya za ta ɗauka.

Yuriyar da aka watsa a saman ruwa mai ɗumi tana rikiɗa ta zama iskar amoniya ta tashi, wadda ta narke kuma ruwa mai gudu yana tafiya da ita. Ko a gonar da aka kula da ita, shinkafar ruwa sau da yawa ba ta shan ko rabin naitirojin ɗin da aka watsa mata. Wannan ya nuna mini gurbin da ke cikin lissafina na watan Nuwamba. Naira 1,600 farashin kilo ne a bakin shago. Wanda shukarsa ta sha kashi huɗu cikin goma ya biya naira 4,000 a kan kilon da ya yi aiki, wanda tasa ta sha kashi biyu cikin goma ya biya naira 8,000. Naira 30,000 da muka yi murnar tsarewa a hekta ta hanyar zaɓen buhu, ana iya zubar da fiye da ita a rana ɗaya ta hanyar zuba taki ba bisa ƙa'ida ba. Na ce masa: "Ƙanena, ka nemi ko rabin buhu ka zuba cikin makon nan, ka rage ruwa tukuna, ka toshe kunyar gabas." Ya yi hakan, amma wannan ƙarin naira 18,400 ne da ba ya cikin tsarinsa.

12 ga Afrilu

Bambancin iri ya fito fili tun kafin girbi. Fangalan iri mai shaida sun fitar da kai kusan a mako ɗaya, tsayinsu ɗaya kamar an daidaita da igiya. A fangalin irin kasuwa akwai dogaye da gajeru, wasu sun fara nuna wasu ba su gama fitar da kai ba, kuma na ga masu jan ɓawo a tsakani. Gwajin tsiro ba ya ganin wannan gauraye, domin baƙuwar ƙwaya ma tsira take yi. Fangalin da ya fi samun yuriya ya fi duhun kore, kuma wani gefensa ya kwanta bayan iskar daren jiya.

14 ga Mayu

An yanke ranar 8 ga wata, aka casa kowane fangali dabam, aka sheƙe, aka shanya duka kwana uku a wuri ɗaya kafin a auna, domin ɗanyar shanshera tana ɗaukar nauyin ruwa. Ban ƙirga da buhu ba, saboda buhunanmu suna kaiwa daga kilo 70 zuwa 80 gwargwadon hannun mai ɗura. Mai yuriya kilo biyar ya ba da kilo 225, mai bakwai da rabi kilo 250, mai goma kilo 256, irin kasuwa kuwa kilo 222. In aka ninka sau ashirin, a hekta ke nan kilo 4,500, da 5,000, da 5,120, da 4,440.

Farashin da masu saye suka ba mu a wannan mako naira 480 ne a kilo, ba 600 ɗin da na yi lissafi da shi a Disamba ba, don haka da 480 na sake komai. Buhu na uku na yuriya ya ƙara kilo 500, darajar naira 240,000, a kan naira 36,800 da aka kashe. Kowace naira ta dawo da fiye da shida, kuma babu abin da za a yi shakka a nan. Buhu na huɗu ya ƙara kilo 120 kawai, naira 57,600. A ido riba ce, amma ban yarda mu ɗauke ta a haka ba, saboda dalili biyu. Na farko, in aka cire kuɗin buhun da dako da ladan mai watsawa da na casar ƙarin, abin da ya rage kaɗan ne, kuma ƙa'idar da malaman gona suke bi ita ce taki ya dawo da aƙalla ninki biyu na kuɗinsa kafin a ce ya cancanci kasadar manomi. Na biyu, wannan kilo 120 a hekta kilo shida ne kacal a fangali, abin da tsuntsu ko gangaren ƙasa zai iya haifarwa. Buhu na uku da na huɗu farashinsu ɗaya, naitirojin ɗinsu ɗaya, amma kilon shansherar da na uku ya samar ya tashi mana kusan naira 74, na huɗu kuwa sama da naira 300.

A ɓangaren iri, na kasuwa ya gaza mai shaida da kilo 560 a hekta a kan taki iri ɗaya, wato naira 268,800, domin a tsare naira 15,300. Wani ɓangare na wannan giɓi ya zube ne a ƙasa, saboda waɗanda suka riga nuna sun kakkaɓe kafin na baya su isa yanka, wani ɓangare kuma ya tafi a sheƙa a matsayin ƙwayar da ba ta cika ba. Mai sayen da ya duba samfurin ya kuma nuna jajayen ƙwayoyin, ya ce sai an rage masa. Wannan hukunci ne a kan irin da muka saya a wannan karo, a gona ɗaya, a rani ɗaya. Ɗaya daga cikin mutum biyar ɗin nan da ba su sayi iri mai shaida ba, wanda yake zaɓen zangarniya da hannunsa daga tsakiyar gona kowace shekara yana ajiyewa, ya sami amfanin da bai gaza na masu iri mai shaida ba, kuma na rubuta sunansa cikin waɗanda za mu gwada irinsu.

24 ga Mayu

An zauna yau an tsayar da tsarin damina. Za a ci gaba da buhu huɗu na kamfa da uku na yuriya a hekta, amma sai na sake lissafin kilo da farashin mako mai zuwa kafin a zaɓi lambar kamfa, tunda tazarar da ke tsakanin buhunan biyu na iya sauyawa. Ƙungiya ta ware kuɗin sayen sikelinta na kanta, kuma ba za a biya kuɗin lodi ba sai an auna buhu ɗaya cikin kowane goma. Za a maimaita fangalan gwaji a gonaki uku maimakon ɗaya, ɗaya a ƙasa mai yashi kusa da tudu, biyu a laka, tare da ƙarin fangali na irin da ɗan'uwanmu yake zaɓa da hannu. Dattijon da ya yi mini tambayar hekta a watan Nuwamba ya nemi a ƙara fangali ɗaya da za a rage wa kamfa zuwa buhu biyu, domin yana zaton lakar da ambaliya take kawowa fadamarsa tana ɗauke da fotash mai yawa. An amince, kuma a gonarsa za a yi.